Tek Na Biyu, Wanda Oga Ya Jefar

"Ke, wai sau nawa matar nan za ta yi kuka a ɗakin nan?"

Jikata ba ta ko juyo ba. Ta danna wani abu, matar da ke cikin kwamfuta ta koma da baya kamar an ja ta da igiya, ta sake watsar da faifan shinkafa, ta sake ɗora hannu a ka, ta sake kurma ihu: "Ɗana! Wayyo ɗana ya dawo!" Tun hantsi ake abu ɗaya. Ni ina kan katifa a falo, ƙafa a kan filo, don ciwon gwiwa ne ya raba ni da ɗakina na Jikwoyi ya kawo ni wajenta a Kurudu. Falon nan kuwa shi ne ofishinta. Duk abin da ta ji sai na ji.

"Kaka, aiki nake."

"Aikin sa tsohuwa kuka? Allah ya shirye ki."

Aikin nata sunansa edita. Da, idan matan unguwa suka tambaye ni, cewa nake tana gyaran kwamfuta a Garki, don ban san yadda zan ce ba. Shekara da shekaru tana wani shago tana haɗa bidiyon biki da suna. Amarya ta shigo, amarya ta zauna, an yi liƙi, an tashi. Wannan ne karo na farko da aka ba ta fim na gaske, mai labari. Labarin wani soja ne da aka tura daji aka daina jin ɗuriyarsa, har mutane suka fara yi wa uwarsa gaisuwa. A ƙarshen fim sai ga shi ya shigo gida da jakarsa. Wannan shigowar ce ta hana mu sakat.

A zaman jinyar nan na gane yadda abin yake. Ni a zatona ana kunna kyamara ne mutane su yi wasa daga farko har ƙarshe, a kashe, shi ke nan an yi fim. Ashe ba haka ba ne. Kowane wuri a labarin, sin suke ce masa, sai a ɗauke shi sau da yawa. A ɗauka daga nesa, a matso a ɗauki fuskar uwa, a juya a ɗauki fuskar ɗa. Kowace ɗauka sunanta tek. Kafin a fara sai wani ya miƙo allo a gaban kyamara, an rubuta lambar sin da lambar tek, ya buga shi ƙwas. Na tambaye ta amfanin bugun. Ta ce hoto daban ake ɗaukarsa, magana daban, da wata na'ura. Sai ta nemo inda bakin allon ya haɗu a hoto, ta nemo inda ƙwas ɗin ya fito a sauti, ta jera su daidai, sai bakin mutum da muryarsa su tafi tare. In aka kuskure, sai ka ga baki ya rufe magana na fitowa.

Duk waɗannan tek ɗin ana zubo mata su a wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai sabulun wanki biyu ba, hadis take ce masa. Fim ɗin duka yana ciki. Ita kuma ta zauna ta tsinto, ta yanka, ta jera a kan wani dogon layi a ƙasan kwamfutar, guntu bayan guntu, kamar tela mai haɗa ƙyalle. Wanda darakta ya ce ya yi masa a wajen ɗauka, an ware shi gefe guda, ta sa masa kore. Wanda ya ce bai yi ba, ta sa masa ja. Tun ranar farko ya gaya mata kada ta ɓata lokaci a kan ja, ya riga ya yi mata tsintar.

Daraktan oga take ce masa. Yaro ne, bai fi babban ƙanenta da yawa ba, ɗan Filato amma a Garki ya tashi. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ranar da kukan ya ishe ni, da azahar ya bugo waya, ta sa a sifika don hannunta na kan aiki.

"Sista, na nuna wa mutanen da suka sa kuɗi. Komai ya tafi daidai, sai las sin, na ƙarshen nan. Ba wanda ya ji komai. Ɗaya ma yana danna waya."

"Oga, na gwada shi kala uku."

"Mama na fim ɗin ya yi kuka da kyau a set, kowa ya tafa. Problem ɗin daga kotin ne, yadda aka yanka."

"To a sake ɗauka mana."

"A ina? Gidan da muka yi shutin an rusa shi, hanya ya bi ta kai. Mama kuma ya koma garinsu, yaransa sun ce ba zai sake fitowa ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ji nan. Ran Juma'a da yamma zan zo. In bai gyaru ba zan karɓi hadis in aika wa wani a Legas ya ƙarasa. No hard filin."

Ta ce to. Ya kashe. Ta zauna tana kallon bango.

Na san abin da ake nufi ko ba a fassara mini ba. Wata uku tana kan fim ɗin nan. In aka kai Legas, sunan na Legas za a rubuta, ita ta koma wajen amare. Na ce mata, "Ki tashi ki ci abinci." Ta ce ba ta jin yunwa. Na ce, "Yunwa ba ta tambayar ki." Ta ci lauma uku ta koma.

Ranar da washegari ta yi ta fama da koren nan. Tek uku ne oga ya zaɓa, kuma duk ukun abu ɗaya ne: soja ya yi sallama, tsohuwa ta ɗago, faifai ya yi sama, ihu, gudu, runguma. Ta rage tsawon ihun. Ta sa kiɗa mai taushi a ƙasa. Ta cire kiɗan. Ta sa gudun ya tafi a hankali kamar ana tafiya cikin ruwa. Ta tsaya a fuskar sojan ta bar kukan yana zuwa daga gefe. Kowanne ta gama sai ta juyo.

"Kaka, wannan fa?"

"Kukan haya."

"Wannan?"

"Kukan haya da kiɗa."

"Ke dai ba a burge ki."

"Ni na ce ki tambaye ni?"

Ba wai matar ba ta iya ba ne. Ta iya, hawaye har da majina. Amma ana gani an san an ce mata ta yi ne, ta yi. Kuma shinkafar da ake watsarwa kullum ta tsaya mini a rai, a wannan tsadar.

Ran Laraba da safe ina shafa man zafi sai na ga launin kwamfutar ya canza. Jerin ja ne ya cika gefe. Na matso da kujera. Ni fa karatun boko sai da na aurar da autata na shiga ajin manya a Jikwoyi, da furfurata, yara na leƙe ta taga suna dariya. Tun daga lokacin ba na barin rubutu ya wuce ni, ko na jikin buhun siminti ne. Na sa yatsa a gilashin.

"Kaka, yatsa! Man zafi!"

"Na, da Ga. Me ke nan?"

"En Ji. Wato bai yi ba, a zubar."

"To me kike nema a bola?"

"Ban sani ba tukuna. Koren dai na haddace su, babu abin da nake nema a ciki."

Sai ta yi wani abu da ya ba ni mamaki, ta kashe sautin gaba ɗaya. Ta ce in da magana, kunne ne ke kallo, ido ya yi barci. Tana so ta ga fuska kawai. Muka zauna muna kallon kurame.

A tek na farko sojan ya buga kai a saman ƙofar zaure, hularsa ta faɗi. Na yi dariya har gwiwata ta amsa. A wani kuma akuya ce ta ratso tsakar gidan kamar gidan ubanta, wani ya bi ta da gudu. A wani hoton ya yi dishi-dishi, mai kyamara bai saita ba. A wani tsohuwar ta watsa faifai ya doki ƙafar kyamara. Duk ta kalle su daga bugun allo har inda hoto ya ɗauke, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce ko a bikin aure abin kirki yakan faru ne lokacin da mutane suka zaci an daina ɗaukarsu.

Tek na biyu ta bari a ƙarshe, don gajere ne ƙwarai, kuma an rubuta a jikinsa cewa Mama ta manta magana.

Ga abin da ke ciki. Tsohuwar na zaune a kan benci a gindin bango, faifai a cinya, tana tsintar shinkafa. Kafaɗar sojan ta shigo ta gefen hoton. Ta ɗago kai. Bakinta ya buɗe. Ba abin da ya fito. Ya rufe. Ta dube shi, ba ta ƙifta ba. Sai ta sunkuyar da kai ta koma kan shinkafarta, yatsunta na tsinta amma ba abin da suke ɗauka. Sai ta ɗan muskuta gefe a kan bencin, ta bar wuri. Ba ta sake dubansa ba. Daga nan ta juya ta kalli wani a bayan kyamara, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, hoto ya ɗauke.

Jikata ta mayar da shi baya. Ta sake. Ta sake. Na ga ta ja kujera ta manne da tebur.

"Kaka, me kika gani?"

Ni abin da ya faɗo mini a rai daban ne. Uban jikar nan tawa shi ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau. Shekarar da ya tafi kudu da motar kaya aka yi wata da watanni ba labari, ran da ya dawo ina bakin murhu. Na ga ƙafarsa kafin in ga fuskarsa. Abin da na yi shi ne na tura itace cikin wuta, na ce wa ƙanwarsa ta kawo wa mutumin nan ruwa. Zuciyata kuwa kamar ta fasa ƙirji. Mu haka aka rene mu, ɗan fari ba a rawar kai a kansa a gaban mutane.

Na ce mata, "Wannan ta haifi yaron nan."

Ta yi dariya. "Kaka, mantuwa ta yi. Kunya ce ta kama ta, mutum ashirin na kallonta. Matsawar da ta yi ma, ina jin wuri ta ba shi su zauna a sake ɗauka."

"To ƙarya ce ke nan?"

"Mai kallo bai san ta manta ba. Abin da ya gani kafin nan shi zai gaya masa abin da fuskar ke nufi. In na sa mata ɗanta a gaba, ɗanta take kallo."

Sai ta kunna sautin, na ji dalilin da ya sa aka jefar. Tun tsohuwar ba ta gama sunkuyawa ba muryar oga ta faso: "Kot! Kot! Mama, layinka, maganar da za ka faɗa!" Wani yana dariya. Can baya kuma mai babur yana ta hon. Sa'ar da aka yi, mai kyamara bai kashe nan take ba, ya bar ta tana gudu kaɗan. Muskutawar nan duk bayan kot ɗin aka yi ta.

Ba sautin kaɗai ba ne. Ta tsayar da hoton ta nuna mini saman: wani baƙin abu mai gashi kamar ɓera ya leƙo. Makirfon ne da ake ratayawa a doguwar sanda a saman kan 'yan wasa, hannun mai riƙewa ya gaji ya sauko. Ta nuna mini kafaɗar sojan: a nan jakarsa na dama, a sauran tek ɗin da za ta haɗa da shi jakar na hagu. In aka jera su haka, jaka za ta yi tsalle daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ga hasken ma ba ɗaya ba, girgije ya rufe rana a na biyun, fuskar ta yi duhu.

Na ce, "To ai bola ce da gaske."

Ta ce, "Bari ki gani."

Da farko ta kwafi layin fim ɗin gaba ɗaya ta ajiye na oga yadda yake, ba ta taɓa shi ba, ta yi aiki a kan kwafin. Sannan ta jawo hoton ta matso da shi, fuskar tsohuwar ta cika gilashi, ɓeran sama ya fita, kafaɗa da jaka suka fita, saura fuska da faifai da ɗan gefen benci. Na ce ba zai fashe ba? Don na ga yadda hoton waya ke yi in an ja shi. Ta ce kyamarar da suka yi aiki da ita tana ɗaukar hoto mai faɗi fiye da wanda za a nuna, akwai rarar da za a yanka, in dai ba a zarce ba. Ta matsa har inda ya fara laushi, ta ɗan dawo baya.

Sautin tek ɗin kuwa ta cire shi ɗungurungum. Wurin ya yi shiru irin na kabari, har kunnena ya yi wani iri. Ta ce ba a barin haka, mai kallo zai zaci na'ura ta lalace. Ashe a kowane wuri in an gama ɗauka, mai sauti yakan ce kowa ya yi tsit, ya ɗauki shirun wurin. Na ce shiru ma ɗaukarsa ake? Ta ce kowane gida da irin shirunsa. Ta nemo na gidan nan, ta shimfiɗa a ƙasa. Na saurara: iska kaɗan, kaza can nesa, wani yana daka a maƙwabta. Gidan da aka rusa, ga shi yana numfashi a falonmu.

Sallamar sojan ta ɗauko daga tek mai kyau. Amma ba ta bari mun gan shi yana yi ba. Muna kan tsohuwar tana tsinta, sai muryar ta shigo daga waje, ta ɗago. Sai a nuna shi tsaye a bakin zaure, daga wani tek ɗin da yake jiran a ba shi alama, bai yi komai ba, tsaye kawai yake yana haɗiyar yawu. Sai a dawo kanta. Ƙarar shinkafa a faifai ta tsinto daga farkon wani tek, ta ɗora a daidai motsin yatsun, ta rage ta har sai ka kasa kunne.

NEPA suka ɗauke wuta ana cikin haka. Ta kashe fanka da firji don batirin ajiyar wuta ya ja kwamfuta. Muka zauna cikin zufa, ina yi mata fifita da murfin kwali, tana cewa in daina kaɗa mata takardu.

Inda ta fi daɗewa shi ne wajen yankewa. Ta ce a cikin daƙiƙa ɗaya hoto ashirin da biyar ne ke wucewa, ido ne ke ganinsu kamar motsi. Ta riƙa danna maɓalli ɗaya, tsohuwar na motsi kaɗan-kaɗan kamar hawainiya. Tana neman daidai inda idon ya fara karkata zuwa wajen oga. In ta bar ko ɗigon wannan, asiri ya tonu, an san akwai mutane a bayan kyamara. In ta yanke da wuri, muskutawar ba ta cika ba. Ta je gaba, ta dawo, ta je, ta dawo. Na ce, "Ke, wanzami ma bai kai ki tsantseni ba." Ta sami wurin ta datse. Daga nan sai hoto daga nesa, wanda aka ɗauka tun kafin a fara wasa: tsakar gida, igiyar shanya, inuwa. Fim ya ƙare a nan. Ba ihu, ba runguma, ba kiɗa.

Ran Alhamis ta gyara hasken. Ta ajiye fuskar tek na biyu kusa da ta sojan, tana ƙara haske tana ɗumama launin har suka zama 'yan rana ɗaya. Ta kalli fim ɗin tun daga farko ba tsayawa, don ta ce ƙarshe ba ya aiki shi kaɗai, sai da nauyin abin da ya gabace shi. Da ya ƙare ba ta tambaye ni komai ba. Ni dai na ce a dafa shinkafa da wake gobe, baƙo zai zo.

"Kaka, zuwa zai yi ya ƙwace mini aiki, ki ba shi abinci?"

"In ya ƙwace ya ƙwace da cikinsa a cike. Ba a gidanmu za a ce an bar mutum da yunwa ba."

Ya zo bayan la'asar, da jakar goyo a baya, wadda na tabbata ta ɗaukar hadis ce. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana da ladabi.

"Mama, yaya ƙafa? Ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi. Kai ne mai sa tsofaffi zubar da shinkafa?"

Ya dubi jikata. Ta ce, "Rabu da ita, oga. Zauna."

Ta ja labule, ta ba shi kujerarta, ta tsaya a bayansa. Ba ta gaya masa ta canza komai ba. Ta fara daga sin biyu kafin ƙarshe, inda maƙwabta ke zuwa gaisuwa tsohuwar na korarsu. Ni fim ɗin na riga na gani, shi nake kallo. Yana girgiza ƙafa, makullin mota na kaɗawa a hannunsa. Sallama ta shigo. Tsohuwa ta ɗago. Ƙafarsa ta tsaya. Na ga ya ɗan matso yana jiran ihun, don ya san inda yake. Ihu bai zo ba. Ta muskuta. Tsakar gida. Gilashi ya yi baƙi.

Ya juyo ya ce, "Ina layin?"

"Babu."

"Ɗana ya dawo. Shi ne layin da ya fi kowanne a skrif. Wata biyu muna faɗa da marubuci a kansa."

"Na sani, oga. Naka na nan yadda ka bar shi, ban taɓa ba. In sa maka?"

"Sa."

Ta sa. Faifai ya tashi, ihu ya cika falon har yaran maƙwabta suka leƙo. Bai bari an kai runguma ba, ya ɗaga hannu. "Ya isa. Mayar da ɗayan."

Ta mayar. Ya kalla da hannu a haɓa.

"Wannan daga ina? Ban yi shutin wannan ba."

"Ka yi. Tek na biyu."

"Tek tu En Ji ne. Mama ya manta layi. Ni na ce kot da bakina."

"Ka ce. Na cire ka."

Ni dai dariya ta ƙwace mini. Ya juyo ya dube ni, shi ma ya fara, amma ya haɗiye.

"Bum, makirfon nan na sama, ya shigo a tek ɗin nan, na tuna."

Ta buɗe masa asalin ya gani, da ɓeran, da jakar, da muryarsa yana kiran Mama. Ya riƙe kai. Sai ya koma kan abin da ke damunsa na gaske.

"Sista, mutane za su gane? Uwa ya ga yaronsa da aka ce ya mutu, bai ko taɓa shi ba. A gidanmu da mamana ya faɗi a ƙasa. Za su ce bai damu ba."

Ta ce, "Matar da ka gina tun farkon fim ba mai faɗuwa ba ce. An zo mata gaisuwa ta ƙi kuka. An kawo kayansa ta ce a mayar. Sau biyu ka nuna bencin nan, wata ta zo za ta zauna, tsohuwar ta ce wurin da mai shi. Kai ka ɗauki wannan, ba ni ba."

Ya juyo wajena. "Mama, kai fa? Ka gane?"

Na ce, "Ɗan fari ne ko?"

"Eh, shi kaɗai ne ma."

"To me kake so ta yi, ta yi rawa? Ta ba shi wuri. Ka je ka tambayi masu shago a layinku, 'yan Katsina da 'yan Zariya, wace ce a cikin biyun uwarsu."

Ya sake cewa a sa. Wannan karon da aka kai ƙarshe ya ce, "Ya yi sauri. Ƙara mini kaɗan a kan fuskar, ko sakan ɗaya. Bari mu zauna da shi."

"Babu, oga."

"Kamar ya babu?"

Ta ja bakin guntun ta ƙara masa. Tsohuwa ta muskuta, ta juyo ta kalle mu tsakiyar ido, ta rufe baki tana dariya. Oga ya buga cinya ya tuntsire, har makullin ya faɗi.

"Oke, oke! Mayar. Kar ka taɓa ko firem ɗaya." Ya share ido da bayan hannu. "Amma tsakar gidan na ƙarshe, ja shi ya daɗe. A nan za su zauna."

Ta ja shi, suka kalla. Ta ce, "Ka yi gaskiya, ya fi." Kuma ya fi ɗin, ni ma na gani.

"Kiɗa fa? Ko kaɗan?"

"Sai baƙi ya shigo."

"Sai baƙi ya shigo," ya maimaita. Ya zare jakar goyon daga bayansa ya jefa ta kan katifata, saura kaɗan ta sami gwiwar. Ya ciro waya ya fita baranda. Ina jin sa yana Turanci da wani, na tsinci Legas, na tsinci no nid. Jikata na tsaye ta dafa bayan kujera da hannu biyu. Ta dube ni. Na kawar da kai na ce ta duba tukunya kada wake ya kama.

Ya dawo yana murza hannu, ya jawo kujerar roba ya zauna a gefe, ya bar mata tata.

"Sista, sin ɗin asibiti ma bai taɓa yi mini ba. Buɗe jan nan mu ga me na zubar."

Na ce, "Ba wanda zai buɗe komai sai an ci abinci. Kai, tashi ka wanke hannu."